Mako na biyar da sikeli a kicin: wake, gyaɗa da waken suya

'Yan'uwa masu koyon girkin da ba nama, wannan makon na gano kuskuren da na shafe wata guda ina yi a lissafin furotin na gidanmu.

Ga alƙaluman da na fara da su, a kan kowane giram 100 na busasshen tsaba: wake yana da furotin kamar giram 24, gyaɗa kamar 26, waken suya kuwa wajen 36. Da na ga haka sai na saki jiki, duk lokacin da na zuba wa maigida wake giram 100 a faranti in rubuta 24 a littafina.

Ashe wake ruwa yake sha. Ranar Talata na auna busasshe giram 100, na dafa shi kaɗai, na tsame na sake aunawa, sai ya koma giram 280. Furotin ɗin yana nan yadda yake, nauyin ne ya ƙaru. Ke nan giram 100 na dafaffen wake bai wuce furotin giram 8 zuwa 9 ba, kashi ɗaya cikin uku na abin da nake rubutawa. Maigida nauyinsa kilo 60 ne, yana buƙatar kusan giram 48 a rana, ni kuwa ina ɗauka faranti biyu sun biya masa. Abin ya tsaya mini a rai, don yara ma da wannan lissafin nake zuba musu.

Waken suya shi ma na gwada. Giram 100 ya koma 220 bayan jiƙo da dahuwa, wato kamar giram 16 a kowane 100, ninki biyu na wake. Awara ce ke da wuyar lissafi, domin wani furotin yana tafiya a dusar da aka tace, kuma wadda ba a matse sosai ba ruwa ya fi yawa a cikinta. Yanzu tsabar nake aunawa kafin in jiƙa, dusar kuma na daina zubarwa, ina zuba ta cikin ƙullun ƙosai.

Soyayyar gyaɗa ba ta shan ruwa, lambarta tana nan. Sai dai kusan rabin nauyinta mai ne, ba wanda zai ci giram 100 kullum bai gundura ba. Cikin tafin hannu ɗaya, giram 30, yana ba da kusan 8. Ƙuli-ƙuli ya fi ta furotin tunda an matse mai, shi ya sa nake daka shi in barbaɗa a kan kwaɗon zogale.

Gobe zan dafa garau-garau da busasshen wake giram 400 don mu huɗu, in ga ko yaran za su iya cinye rabonsu.