Kashi 10 cikin 100 bai rufa mini asiri a rodi ba

Lokacin da na ɗauki nauyin kula da ginin gidan yayana, na yi lissafin kayan aiki kamar yadda na ga ana yi: na auna abin da zanen ya nuna, sannan na ƙara kashi 10 cikin 100 a kan kowane kaya saboda abin da zai karye ko ya salwanta. Bulo, siminti, rodi da tayil, duk ma'auni ɗaya na sa musu. Har yau idan na tuna ranar da rodi ya yanke mana ana tsakiyar ɗaurin rufin kankare, raina yakan sosu, domin ba wanda ya cuce ni, lissafina ne ya gaza.

Zanen injiniya ya buƙaci sanduna 120 na rodi mai kaurin milimita 12, kowanne tsawon mita 4.5. Jimillarsu mita 540 ke nan, kuma da yake ana sayar da rodi a tsawon mita 12, na raba na sami 45, na ƙara kashi 10, na sayi 50. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, mita 4.5 sau biyu kawai take fita daga rodi ɗaya, sai a bar guntun mita 3 wanda ba zai kai daga wannan bango zuwa wancan ba. Sanduna 120 a bibbiyu, rodi 60 suke ci, ba 45 ba. Wato ƙarin da aikin yake bukata kashi 33 ne, ni kuwa na tanadi kashi 10.

Mai ɗaurin rodi ya kira ni da hantsi ya ce: "Yallaɓai, saura sanduna 20, kuma rodi ya ƙare." Na nemi a haɗa guntayen a ci gaba, amma injiniya ya ƙi, ya ce ba a haɗa rodi a inda aka ga dama, musamman a tsakiyar ɗaki inda rodin ƙasa yake shan ja mafi tsanani. Gaskiyarsa ce. Aiki ya tsaya, na biya masu zuba kankare kuɗin zuwan banza, na sake biyan kuɗin mota saboda rodi 10 kacal.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne guntaye 60 ɗin nan da suka taru a gefe. Makonni kaɗan kafin nan na sa an yanka cikakkun roduna masu wannan kaurin domin linta ta saman ƙofofi da tagogi, alhali da na tsara yankan ginin gaba ɗaya a takarda tun farko, da na yanka sandunan rufin da wuri, guntayen suka wadatar da mafi yawan lintar. Da tsawon sandunan mita 4 ne, uku za su fita daga rodi ɗaya ba tare da ragowa ba, kashi 10 ɗin ma ya yi yawa. Saboda haka asarar rodi ba ta bin kaso. Tana bin yadda tsawon da ake so yake shiga cikin mita 12.

Da aka zo tayil na riga na farga. Mai faɗin santimita 60 muka zaɓa, kuma a falo, inda ake yanka a gefuna kawai, kashi 10 ya isa har da rara. Lungun da yake zuwa ɗakuna kuwa faɗinsa mita 1 ne: cikakken tayil ɗaya, da wani da za a yanka a ɗauki santimita 40, ragowar 20 ba ta da wurin zama. Ƙarin kashi 20 ke nan tun kafin guda ɗaya ya fashe. Na ƙirga lungun da banɗakuna layi-layi, na sayi duka lokaci ɗaya, domin wanda aka ƙaro daga baya sau da yawa launinsa yakan ɗan bambanta.

A bulo kuwa akasin haka ta faru. Wanda muka saya ya sha siminti kuma ya bushe sosai, hanyar ba ta da gargada, birkila kuma yana amfani da rabi-rabin a kusurwa, don haka abin da ya karye bai kai kashi 5 ba, ragowar tana nan jibge a bakin ƙofa. Da bulo mai yashi da yawa ne aka ɗauko daga nesa, wataƙila kashi 10 ɗin ma ba zai isa ba.

Yanzu kaso nakan bar wa abin da yake karyewa ko zubewa, irin su bulo, siminti da yashi, kuma ina duba ingancinsa da nisan hanyarsa kafin in tsayar da adadi. Duk abin da ake yankawa daga tsayayyen tsawo, rodi ne ko katako ko kwanon rufi, sai na zauna da mai aikin mun rubuta guda nawa zai fita daga kowane ɗaya da inda ragowar za ta je, sannan in fitar da kuɗi. Guntayen rodin can har yanzu akwai kusan 40 a bayan gidan, tsatsa ta fara cin su.