Kalma ɗaya da ta kusa kayar da ni ranar kare kundi

Kundina na digiri na biyu a kan diwanin wani mawaƙi ne mai rubutattun waƙoƙi 22, kuma duk aikin a kan magana ɗaya ya tsaya: cewa mawaƙin yana karya karin waƙarsa da gangan idan ya zo maganar mutuwa. Shekara biyu ina yanka ɗangogi ina ƙirga gaɓoɓi, har na kai ko sallama aka yi mini sai na ji kunnena yana auna ta. Da aka sa ranar kare kundi aka ce minti 15 gare ni in yi jawabi kafin tambayoyi, sai na zauna na rubuta shafi shida: babi na ɗaya ya ce kaza, babi na biyu ya waiwayi ayyukan magabata, haka har babi na biyar.

Malamin da ya duba aikin ya saurare ni a ofishinsa har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Duk wannan sun karanta. Mene ne kike cewa wanda wani zai iya musawa?" Na ce maganar karya kari. Ya ce to ita zan faɗa a minti na farko, in kuwa na bari sai minti na goma sha biyu, masu jarrabawa sun riga sun gama shirya tambayoyinsu a kan abin da bai dame ni ba. Na ji haushi a ranar, don shafi shidan nan na sha wuya a kansu, amma na yaga su.

Jawabin da na shiga da shi gajere ne. Na faɗi da'awata a jimla ɗaya. Sai na bayyana abin da nake nufi da karaya, don a nan ne ake saurin kama ɗalibi. A Hausa gaɓa iri biyu ce: marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, da mai nauyi, wato wadda ke da dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda ta rufe da baƙi. Yawancin waƙoƙin diwanin a kan baharin Mutaƙarab suke, wanda ƙafarsa ita ce fa'uulun, gaɓa marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu. To ba duk sauyin da aka gani a ƙafa ne karaya ba. Aruli, wato ilimin auna karin waƙa, tun daga wanda ya kafa shi Khalil bin Ahmad ya yarda da zihafi da illa, wato sauye-sauyen da aka halatta a ƙafa: fa'uulun tana iya zama fa'uulu a tsakiyar ɗango, tana iya gajarcewa ta zama fa'uu a ƙarshensa, kuma babu wanda zai ce mawaƙi ya yi laifi. Mawaƙan Hausa kuma sun saba sa gaɓoɓi biyu marasa nauyi a gurbin mai nauyi ɗaya, kunne bai jin komai. Na gaya wa kwamitin cewa a ƙirgena na farko na sami ɗango 40 da na ɗauka karyayyu ne, da na fitar da waɗanda aruli ya halatta sai 26 suka rage, kuma 19 daga cikinsu a waƙoƙin makoki guda shida suke. Na karanta misali ɗaya da murya, na zauna. Minti 11 na ci.

Mai jarrabawa na waje dattijo ne marar yawan magana. Kundina na gabansa, gefen shafukan duk ya sha jan biro, ga ƙananan takardu ya soka nan da can. Bai ce komai a kan jawabin ba. Ya buɗe rataye na biyu, inda na jera ɗangogin 26, ya ɗora yatsa a kan na bakwai, ya ce, "Malama, karanta mana wannan."

Ɗangon ya fara ne da "Baƙin nan na ƙofar gida". Na karanta kamar yadda na saba karantawa shekara biyu, na ja wasalin farko, baƙi jam'in baƙo, wato masu zuwa gaisuwar mutuwa da suka cika ƙofar gida. A haka ƙafar farko gaɓoɓi uku ne masu nauyi a jere, ba fa'uulun ba ce, kuma a babi na huɗu na yi shafi guda cur ina bayanin yadda nauyin gaɓar yake nuna nauyin zaman makoki. Ina alfahari da wannan shafin ƙwarai.

Ya ce, "To saurara." Ya rera ɗangon a hankali, ya gajarta wasalin: baƙi na launi. Ƙafar ta zauna daram, marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, babu ko ɗigon karaya. Sannan ya ce in duba baitin da ya gabata. Na duba. Mawaƙin yana maganar duhun da ya sauko bayan magariba ne. Baƙin nan na ƙofar gida duhun ne, ba mutane ba. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, kalmomin biyu harafinsu ɗaya a takarda, ni kuma na zaɓi karatun da ya yi wa da'awata daɗi ban ma san zaɓi na yi ba.

Gumi ya karyo mini. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce ai ana iya karanta shi ta fuska biyu, kuma mawaƙin ya yi hakan ne don ya haɗa ma'anonin. Da na faɗi haka da na jefa kaina rijiya, don ba ni da hujja ko ɗaya, shi kuma yana da baitin baya da kuma ma'auni, duk a gefensa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, karatunka ne daidai, nawa kuskure ne. Wannan ɗango ya fita daga lissafi. Saura 25, kuma 18 a waƙoƙin makoki." Ya ɗaga kai ya dube ni, ya rubuta wani abu. Abin da ya cece ni a nan ba wayo ba ne. Na san lissafina da ka, na san kuma cewa da'awar ba a kan ɗango ɗaya ta rataya ba, don haka na iya sakinsa ba tare da ginin ya rushe ba. Da misali biyu ko uku kacal na dogara da su, da cire ɗaya ya gama da ni.

Mai jarrabawa ta cikin gida ta shigo ta wata ƙofar. Ta ce waƙoƙin makoki galibi dogaye ne, to me zai hana a ce karaya ta fi yawa a cikinsu don ɗangoginsu sun fi yawa? Wannan kam na shirya mata, don malamina ya taɓa yi mini ita. Na ce waƙoƙin shida ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ɗangogin diwanin ba, amma sun kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na karayar. Ta gyaɗa kai ta wuce.

Sai dattijon ya dawo, kuma wannan karon kalmar "da gangan" ya kama. Ya ce ya yarda karaya ta taru a waƙoƙin makoki, ƙirge ya nuna. Amma daga ina na san nufin mawaƙi? Waƙar makoki sau da yawa cikin kwana biyu ko uku ake yin ta, gawa ba ta daɗe da kwanciya ba, mutum bai sami sukunin gyara ba. Me ya sa ba zan ce gaggawa ce ba? Na ce in gaggawa ce da amsa-amo ma ya yi tuntuɓe, amma babban amsa-amon waƙoƙin shida bai goce ko sau ɗaya ba, kuma karayar ba warwatse take ba, 11 daga ciki sun faɗo ne a ɗangon da aka ambaci sunan mamaci. Ina gama faɗa na ga ya yi murmushi, na san na miƙa masa sanda. Ya ce suna ai ba ya lanƙwasuwa. Mawaƙi yana iya musanya kowace kalma da 'yar'uwarta don ƙafa ta zauna, amma ba zai sauya wa mamaci suna ba. Ashe sunan ne ya karya karin, ba baƙin ciki ba.

Na yi shiru na ɗan lokaci, kuma na gane daga baya cewa shirun nan bai cuce ni ba, babu wanda ya ƙosa. Sai na tuna mutum biyu daga cikin waɗanda aka yi wa makoki, mawaƙin ya yabe su tun suna raye a wasu waƙoƙin na diwanin, a bahari ɗaya, kuma a can sunayensu sun zauna cikin ƙafa lafiya lau. Wato ya san inda zai ajiye sunan ya dace, a makokin ne bai ajiye shi a nan ba. Na faɗi haka, na kuma ƙara da kaina cewa misali biyu ba su isa a gina hukunci a kan nufin mutum ba. Na ce abin da zan iya tsayawa a kai shi ne karaya ta taru a inda ake ambaton mamaci, kuma mai sauraro yana jin ta a nan. Maganar ko da gangan ne, zan mayar da ita zato mai ƙarfi, ba sakamakon bincike ba. Ya ce, "Yanzu kika zo."

An fitar da ni waje kusan minti 20, aka kira ni aka ce na ci, da ƙananan gyare-gyare. Gyaran da ya fi cin lokaci shi ne sharaɗin da dattijon ya sa: in nemo waƙoƙin a bakin mai rera su, in sake auna ɗangogin 25 da kunne, ba da ido ba. Na sami wani tsohon almajirin mawaƙin da ya haddace yawancinsu, na zauna da shi yini uku da na'urar ɗaukar murya. Ɗangogi uku suka ƙara faɗuwa. Biyu saboda karin harshen mawaƙin, wanda yake ninka baƙi a inda ni ba na ninkawa, sai gaɓar da na ƙirga marar nauyi ta zama mai nauyi. Na uku kuwa mai buga littafin ne ya tsallake wata 'yar kalma, "dai", wadda tsohon yake rerawa a wurinta ba tare da ya san an taɓa yar da ita ba. A kundin da na miƙa na ƙarshe lissafin 22 ne, shafin nan na baƙi masu zaman makoki babu shi, kuma "da gangan" ta fita daga taken babi na huɗu.