Daga Deira zuwa Zaveri Bazaar: zinare ɗaya, farashi biyu

A ƙarshen watan Yulin 2024 na raka yayata Mumbai ganin likita. Mun ya da zango a Dubai, na leƙa kasuwar gwal ta Deira kamar yadda na saba. Lokacin oza ɗaya, wato giram 31.1, tana wajen dala 2,400 a kasuwar London, kuma sandar zinare a Dubai ba ta yin nisa da wannan farashi, don ƙofar shigo da ita da fitar da ita a buɗe take.

Mumbai muka tarar ana tsuga ruwan damina. Da jikin Yaya ya yi sauƙi na ɗauki tasi zuwa Zaveri Bazaar, kasuwar gwal ta garin, lunguna matsattsu, shago na jingine da shago. Wani dattijo mai sayar da sanduna ya ba ni kujera da shayi, na tambaye shi dalilin da zinarensu ya fi na Dubai tsada.

Ya jawo kalkuleta. Indiya, in ji shi, kusan duk zinarenta daga waje take sayowa, kuma har zuwa 23 ga Yuli kuɗin fito kashi 15 ne cikin ɗari. A kan ozar dala 2,400, dala 360 ke nan tun kaya ba su bar hannun kwastam ba, sannan a ɗora harajin saye na kashi 3. Ranar nan gwamnati ta mayar da fiton kashi 6, dala 144 kacal.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da ya biyo baya. Kafin ragin, dillalai ƙasa da wannan lissafi na hukuma suke sayarwa. Na ce, a kan asara? Ya ce dole ta sa. Mai fasa-ƙwauri bai biya dala 360 ɗin ba, ko ya sauke farashi yana da riba. Ga damina, manoma sun zuba kuɗinsu a gona, bukukuwan aure sun ja baya. Ga masu fito da tsofaffin sarƙoƙi su sayar saboda farashi ya hau. Kaya sun fi masu saye yawa, wanda ya bi doka sai ya rage ko ya zauna da kayansa. Wannan ya dame ni ƙwarai, mai gaskiya ne ke kwana a ciki.

Da aka rage fiton sai al'amari ya juya. Jama'a suka cika shaguna, sandunan da ke ƙasa ba su isa ba, sabbi kuma sai bankunan da aka ba lasisi sun yi odarsu jirgi ya kawo. A waɗancan ’yan kwanaki dillalai har ƙari suke ɗorawa a kan farashin hukuma.

Na sayi ’yan kunne giram huɗu na kai wa Yaya, rasit ɗin na naɗe a jakata saboda kwastam.