Mahamadou da Mahaman ba mutum ɗaya ba ne

Ina aiki a ofishin wani lauya a Yamai, kuma yawancin abin da nake bugawa takardun neman biyan bashi ne. Yadda ake yi, mai bin bashi yana kai takardar roƙo ga shugaban kotu tare da hujjojinsa, mu kuma mu tsara umarnin biya a ƙasan roƙon. In alƙali ya gamsu sai ya sa hannu, magatakarda ya ba shi lamba. Wanda ake bi bashin ba ya wurin a wannan mataki, don haka babu mai tashi ya ce an ɓata masa suna. Abin da na buga shi ke fita da tambarin kotu.

A farkon Maris na 2024 wani Alhaji mai sayar da siminti da rodi a kasuwar Katako ya zo mana. Yana bin wani ɗan kwangila miliyan 4 da jikka 350, yana riƙe da takardar amsa bashi mai sa hannu. Na tambaye shi sunan mutumin, ya ce Mahamadou, ya faɗi sunan uban, na rubuta. Takardar amsa bashin tana gabana, hoton katin ɗan ƙasan mutumin yana manne a bayanta, amma ban juya ta ba. Alƙali ya sa hannu ranar Litinin 4 ga Maris.

Bayan mako guda, a farkon azumi, wisiye, wato jami'in da ke miƙa takardun kotu, wanda muka ba takardar ya kai wa mutumin, ya dawo da ita a hannunsa. Ya aje ta a teburin maigidana ya ce, “Metir, na same shi a shagonsa, ya karanta ya miƙo mini. Ya ce shi Mahaman ne, Mahamadou yayansa ne, yana Tawa.” Aka juya takardar bashin, ga shi nan a kan katin: Mahaman. Metir bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, “Malam, daga bakin wa ka ɗauki sunan nan?” Na ce daga bakin Alhaji. Ya ce Alhaji ya san mutumin da fuska, banki kuwa da harafi ya san shi.

A nan ne na daɗe ina tunani, don abin ya shafi yadda muke da sunaye a ƙasar nan. A baki, Mahamadou da Mahaman da Mamane da Mohamed duk sunan Annabi ne, mutum zai amsa kowanne in an kira shi. A takarda kuwa sunaye huɗu ne daban, kuma ba abin mamaki ba ne a gida ɗaya a sami wa da ƙane suna ɗauke da biyu daga ciki. Ga shi yawancinmu ba mu da sunan zuri'a, sunan yanka ne da sunan uba, shi ya sa harufa biyu ko uku ke raba ƴan uwa. Da wisiyen ya matsa ya bar takardar, da matsalar ta jira mu a gaba. Ranar da za a je banki a riƙe kuɗin da ke asusunsa, ma'aikacin banki zai nemi sunan da ke cikin umarnin, ya ce ba shi da wannan mutum, ko kuma ya faɗa kan asusun yayan da bai ci bashin kowa ba. Yanzu ba na rubuta suna sai daga kati ko rajistar kasuwanci, harafi bayan harafi, ina haɗawa da ranar haihuwa da wurin haihuwa da unguwa. In kamfani ne, ina duba ko kamfanin ne ya ci bashin ko mai shi, don dukiyar kamfani mai rajista daban take da ta mutumin da ya kafa shi.

Da na zauna sake karanta umarnin don shirya roƙon gyara, sai na ga abin da ya fi sunan tayar mini da hankali. A layin ƙarshe an rubuta cewa wanda ake bi yana da kwana 15 ya ƙalubalanci umarnin. Wannan layi na tsohon samfurin da ke cikin kwamfuta ne, shekara da shekaru muna kwafarsa. Amma dokar karɓar bashi da zartar da hukunci ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, wadda aka yi a 1998, an sabunta ta ranar 17 ga Oktoba 2023, sabuwar ta fara aiki 16 ga Fabrairu 2024, kuma ta mayar da wa'adin kwana 10. Roƙonmu ya shiga bayan wannan rana. Layin ya wuce idona ne saboda na saba da shi, ido kuma ba ya tsayawa kan abin da ya haddace. Takardar da wisiye ke miƙawa dole ta faɗa wa mutum wa'adinsa, kuma in an faɗa masa wanda ba shi ba, an ba lauyansa abin da zai nemi a soke sanarwar da shi.

Muka koma ga alƙalin da ya sa hannu muka roƙi gyaran kuskuren rubutu, da hoton katin a haɗe. Ya ɗauki kusan mako uku. Duk wannan lokaci akwai wani agogon da ke tafiya: umarnin biya da ba a miƙa wa mutum cikin wata uku daga ranar da aka ba da shi ba, ya zama kamar ba a taɓa yin sa ba. Metir ya ce mu ƙirga daga 4 ga Maris, kada mu dogara da ranar gyara.

Wisiye ya miƙa takardar da aka gyara ranar Litinin 8 ga Afrilu, dab da ƙaramar salla. Na ɗauki kalanda na ƙirga da yatsa. Ranar miƙawa ba ta cikin lissafi, kwana goman sun kama daga 9 zuwa 18, kuma a ƙa'idar wannan doka ranar cikar wa'adin ma ba a ƙirga ta, don haka mutumin yana da dama har Juma'a 19 ga wata. Bai ƙalubalanta ba. Daga nan muna da wata biyu mu nemi a buga wa umarnin kalmomin zartarwa, waɗanda ke ba da damar karɓar kuɗin da ƙarfin doka, in ba haka ba shi ma ya mutu.

Lambar umarnin ita ce na fi bi a hankali a wannan mataki, don da ita magatakarda ke buɗe rajista ya tabbatar babu wanda ya kawo ƙalubale. In 045 ta koma 054, shaidar da zai bayar ta wani dosiyen ce. Ni da sakatariyarmu muka zauna, tana riƙe da kwafin kotu, ina karanta tawa takardar da ƙarfi, sifili, huɗu, biyar, sannan shekara. Kuɗin ma muka karanta shi sau biyu, da alƙaluma da kuma da harufa. Alhaji ya shigo muna cikin haka, ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare har muka kai layin ƙarshe, sannan ya yi sallama ya tambayi yaushe wisiye zai je banki.