Zaman Kaduna da jar fitilar baƙin mai

Ni mutumin Maraɗi ne, can na koyi kanikanci, kuma na shigo Kaduna ne ba da daɗewa ba kafin a rufe iyaka a watan Agustan 2023, to sai zaman da na zo yi na ɗan lokaci ya zama zama na gaske. Wani ɗan garinmu ya haɗa ni da wani oga mai gareji a wajen Kurmin Mashi, na samu ɗaki a Tudun Wada, shi ke nan aka fara. Hausa ɗaya muke yi, abinci kusan ɗaya, amma duk da haka baƙo baƙo ne, a gareji sunana ɗan Nijar, kuma in na faɗi abin da ke damun mota sai mai motar ya juya ya kalli Oga ya ji ko haka ne. Lissafin naira ma sai da ya ba ni wahala da farko, komai sai na mayar da shi sefa a kaina kafin in san ko da tsada ko da araha.

Abin da ya fi ba ni mamaki a aikin nan shi ne yawan motocin da ke zuwa da ƙorafi ɗaya, wai jar fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa in mota tana silo. A Maraɗi ma akwai, amma can ba ka cika tsayawa da inji a kunne na tsawon lokaci ba. Nan kuwa mutum zai maƙale a gosulo a Kawo ko Ahmadu Bello Way da rana tsaka, inji ya yi zafi, mai ya tsinke, inji na juyawa a hankali, to a nan ne duk injin da ya gaji yake tona kansa.

Fitilar nan ba ta auna yawan man da ke cikin inji, wannan shi ne abin da direbobi da yawa ba su gane ba. Ƙarfin turin man take kallo. Akwai wani ɗan suwic da aka ɗaura a jikin bulok, in turin mai ya faɗi ƙasa da wajen bar 0.2 zuwa 0.5 a ma'aunin ƙarfin turi, ya danganta da mota, sai ya haɗa waya da bodi fitila ta kama. Wannan kuwa ƙarfi ne ɗan kaɗan ƙwarai, ma'ana kafin fitila ta kama abu ya riga ya yi ƙasa sosai. Shi kuma famfon mai aikinsa kawai ya tura mai, matsatsin da ke tsakanin kiranshaf da metal, wato ɗan ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansa, shi ne ke sa turin ya yi ƙarfi. Kamar tiyon ruwa ne, in ka matse bakinsa ruwa ya fita da ƙarfi, in ka saki ya riƙa zuba a sanyaye alhali famfon bai canza ba. Metal in ya cinye, baki ya buɗe kenan.

Motar da na fi tunawa ita ce ta mai gidan da nake haya, Alhaji, Corolla ce ta 2005 mai injin 1ZZ. Ya ce da safe lafiya lau, a kan titi ma lafiya lau, amma in ya dawo daga kasuwa ya tsaya a danja sai fitila ta fara wasa, yana taɓa totur ta ɗauke. Kafin ya kawo mana an riga an canza masa suwic a wani wuri, ba ta daina ba, sai aka ce famfo ne, a kawo kuɗin sabon famfo. Wani kuma ya ce a zuba 20W-50 a manta da maganar.

Na ce Alhaji ka ba ni ita zuwa la'asar kafin ka sayi komai. Ya ce kai ɗan Nijar, ba an ce famfo ba ne? Na ce wataƙila shi ne, amma bari geji ya faɗa.

Farko dai sandar awon mai, a wuri mai lebur, bayan an kashe inji an ba shi ƴan mintoci mai ya sauka. Man yana tsakanin layuka biyu, don haka ba ƙarancin mai ba ne. Dama ƙarancin mai yana da tasa alamar, fitila ta fi kamawa in ka taka birki da ƙarfi ko ka sha kwana, saboda man ya gudu gefe ɗaya a cikin som, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, bututun da ke zuƙo shi ya zuƙi iska. Na kuma shinshina sandar don in ji ko akwai warin fetur, don in fetur na sauka cikin mai yana tsinka shi, turi ya faɗi alhali inji ba shi da laifi. Babu wari. Silon ma na duba, yana wajen 700, bai faɗi ƙasa ba, don injin da silonsa ya yi ƙasa da yawa yana karkarwa shi ma yana iya sa fitila ƙyaftawa.

Sai waya. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, ka buɗe makulli ba tare da ka tayar ba, fitila za ta kama, sai ka zare wayar daga kan suwic. In ta mutu, waya lafiya. In ta ci gaba da ci, to wayar ta goge a wani wuri tana taɓa bodi, kuma irin wannan tana ƙyaftawa ne da girgizar inji ko a kan gargada, ba ruwanta da zafi ko sanyi. Suwic ɗin da ya lalace kuma sau da yawa za ka ga mai ya tsattsafo ta cikin soket ɗinsa. Ta Alhaji duk lafiya.

To sai geji. Wlh abin da ya ɗaure min kai a nan shi ne garejin da za ka ga kayan aiki iri iri amma babu gejin auna turin mai, alhali bai kai kuɗin famfo ɗaya ba. Ni nawa tun daga gida na zo da shi a cikin jaka. Ana kwance suwic ne a ɗaura gejin a ramin, a lura da zaren, don in ka tilasta wanda ba nasa ba a bulok na alminiyam ka jawo wani aikin. Na tayar da inji da sanyi, allura ta hau wajen bar 4, yaran gareji suka ce ai ka gani, inji garau. Na ce ku dai jira. Awon da aka yi da sanyi ba ya faɗin komai, mai yana da kauri, ko injin da ya gama yawo zai nuna ƙarfi. Sai da na bari fanka ta kama ta ɗauke ta sake kamawa, man da kansa ya yi zafi, don mai ya fi ruwan lagireto jinkirin ɗaukar zafi. Muna tsaye allura tana sauka a hankali har ta kwanta wajen 0.2 a silo. Na ba ta wuta zuwa 3000 ta tsaya ƙasa da bar 2. Toyota kuwa a wannan injin tana son aƙalla 0.3 a silo, a 3000 kuma daga wajen bar 3 zuwa sama. Kenan suwic ɗin farko da aka cire aka jefar gaskiya yake faɗa.

Da a ce geji ya nuna bar 1 ko fiye a silo da zafi kuma fitila na wasa, da magana ta ƙare, suwic ne, a canza a tafi. Wahalar tana inda geji ya tabbatar turi ya yi ƙasa, don a nan famfo da metal suna kama da juna, duk wanda ya ce maka daga tsaye ya raba su ɗari bisa ɗari cika baki ne. Amma akwai abubuwan da ke karkatar da kai. In da sanyi ƙarfi na da kyau sai da zafi ya zube, kuma da safe in an tayar ana jin ɗan ƙwanƙwasa daga ƙasa na daƙiƙa biyu uku kafin mai ya hau, hankalina metal yake tafiya. Famfon da ya gaji ko bawul ɗinsa da ya maƙale a buɗe yawanci tun da sanyi za ka ga silo bai kai yadda ya kamata ba, fitila ma tana jinkirin mutuwa bayan an tayar. In kuwa a silo da dama dama amma kana ba ta wuta allura ta tsaya ko ta koma baya, to rariyar da ke bakin bututun zuƙo mai ce ta toshe, ko da dattin tsohon mai ko da gam ɗin da wasu ke lafta wa som kamar ba gobe. Kuma ni a abin da na gani, famfo shi ne abin da aka fi zargi kuma shi ne ya fi ƙarancin laifi, kullum a cikin mai yake wanka, in ya ci to yawanci ɓarɓashin wani abu ne ya bi ta cikinsa.

Na ce Oga mu sauke som. Oga mutum ne mai sauƙin kai, ya ce sauke mu gani. Man da muka juye na kai shi rana, yana ƙyalli da ɗan ɓarɓashi. Rariya ba ta toshe ba. Na kwance hular kwanrod ɗaya na zaro metal, farin samansa ya cinye a tsakiya, kuma wuyan kiranshaf ɗin in ka ja farce a kai yana kamawa. Tazarar da ake so a wurin nan ba ta wuce 0.03 zuwa 0.06 na milimita ba, in ta kai 0.08 an zo ƙarshe. Na kira Alhaji ya zo ya gani da idonsa, na sa masa metal ɗin a hannu, ya juya shi ya juya shi ya ce to yanzu sai yaya.

Na ce hanya biyu ce, ko a sauke inji a kai kiranshaf wurin masu tona, wato masu sassaƙa ƙarfe da inji, su rage shi da 0.25 na milimita a sa metal mai kaurin da ya dace, ko a nemi inji Beljiyom, wanda shi ma ba ka san me ke cikinsa ba sai ka ɗaura masa geji. Sa sabon metal a kan wuyan da ya yi zane kuwa asarar kuɗi ce, zai cinye shi cikin ɗan lokaci. Ya zaɓi a gyara nasa. Da muka buɗe na duba famfon tunda ga shi a hannu, a wannan injin yana gaban kiranshaf ne a bayan murfin cen, na auna tsakanin haƙoransa da fila geji, na tura bawul ɗin yana tafiya yana dawowa, ba abin da ya same shi, shi muka mayar. Aka wanke hanyoyin mai na cikin bulok da kiranshaf sosai don ɓarɓashin tona in ya saura shi ne zai fara cin sabon metal, aka sa sabuwar filta da mai. Da zafi a silo allura ta zauna sama da bar 1, a 3000 ta kusa 4.

Maganar 20W-50 ɗin da aka ba shi shawara, ba ƙarya ba ne yana iya kashe fitilar, mai kauri ba ya saurin tserewa ta wurin da ya buɗe. In mutum ba shi da kuɗi yau zai iya lallaɓawa da shi, amma ya sani metal na nan na ci. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai zare wayar suwic ya ce wa mai mota an gyara, na ga irin wannan a nan, motar ta dawo a jaye inji ya buga.

Tun daga aikin nan Alhaji ya riƙa turo min abokansa na kasuwa, kuma suna zuwa suna cewa ina ɗan Nijar mai geji. Abin da nake gaya musu in fitila ta ƙyafta suna kan hanya shi ne su samu gefe su kashe su duba mai. In ya yi ƙasa su cika su gani ko ta daina. In mai a cike yake, ba ƙara, kuma tana ɗaukewa da an taɓa totur, su lallaɓo zuwa gareji mafi kusa, ba su kama hanyar Zariya ba. In kuwa ta kama ta zauna ko ana jin ƙwanƙwasa, kar su sake tayarwa, su kira ni in zo da igiya.