Yadda na ƙi karɓar babban aboki, kuma abotar ba ta lalace ba

Wanda bai taɓa riƙe babban abokin ango ba yana ɗauka aikin bai wuce ɗinka anko da tsayawa kusa da ango a hoto ba. Aikin gaskiya shi ne cike giɓi. Kuɗin biki ta hannunka suke bi, amma ba sa zuwa lokacin da ake buƙatarsu, kuma duk inda aka samu tazara tsakanin ranar biya da ranar da gudummawa ta shigo, aljihunka ne a tsakiya.

A ce abokai 20 sun amince kowa zai ba da naira 15,000 don dina, jimla 300,000 ke nan a takarda. Mai wurin taro yana son rabin kuɗinsa kafin ya riƙe muku rana, mai hoto da mai abinci su ma sai an ba su kafin alƙalami. A wannan lokacin da wuya mutum 8 sun biya, wato 120,000 ne a hannu, sauran kuwa "sai an yi albashi". Ango ba zai bi abokansa bashi ba, kunya ba za ta bar shi ba, don haka kai ne za ka ranta ka biya, ka koma kana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Bayan biki kuma ba mai ɗaga wayarka a kan kuɗin dinar da aka riga aka ci. Ga kuma ƙananan abubuwan da ba a taɓa rubutawa: man motocin ɗaukar amarya, masaukin baƙi, liƙi, kaji da lemon daren kai amarya, da cinikin sayen baki, inda ƙawaye ke tsuga kuɗi kuma kai ake kallo.

Wannan lissafin na yi lokacin da aminina na ƙuruciya a Gombe ya ce ni yake so. Ina aiki a Bauchi, amarya 'yar Kumo ce, bikin kuma ya faɗo watan da zan sabunta kuɗin haya. Na ware anko da ɗinki da hula wuri guda, kuɗin mota zuwa Gombe duk ƙarshen mako wuri guda, sannan abin da zan iya rantawa in jira. Na ukun nan ne ya yanke hukunci, don ba ni da shi. Ga lokaci kuma: makon biki tun daga kamu har buɗar kai ana son babban aboki a gari, ni kuwa hutun da zan samu bai wuce Juma'a zuwa Lahadi ba.

Lokacin faɗa ya fi kalaman da za a faɗa muhimmanci. Ƙofar a buɗe take daga sa rana har zuwa lokacin da abubuwa uku suka faru: an zaɓi anko, an buɗe zauren abokan ango a WhatsApp da sunanka a matsayin mai kula, an kai kati wurin bugawa da lambar wayarka a ƙasa. Kafin nan, ƙin karɓa magana ce tsakanin mutum biyu. Bayan nan ya zama janyewa, kowa zai tambayi dalili, har dangin amarya. Ni a cikin makon da ya nema na ba shi amsa, biki saura kusan wata uku.

Ban faɗa ta waya ba. Na je Gombe, na same shi bayan isha'i shi kaɗai, ba a majalisa ba. A majalisa mutum yana kare mutuncinsa ne a gaban jama'a, ba sauraronka yake ba. Abin da na ce bai fi haka ba: "Mutumina, ka girmama ni da ka zaɓe ni, amma ba zan iya riƙe maka wannan aikin yadda ya kamata ba. Ba na gari, kuma watan ya haɗe mini da haya. Gara ka ji yanzu da in ba ka kunya ana saura mako guda."

Da gangan na haɗa dalilin lokaci da na kuɗi. In ka ce kuɗi kaɗai, amsar a shirye take: "Haba, ni zan yi maka anko." To ka shiga uku, don anko shi ne mafi ƙanƙanta a cikin nauyin, kuma yanzu ga bashin alheri a kanka. In ka ce lokaci kaɗai, zai ce ai ta waya ma za ka iya tsara komai, wanda ke nufin bin bashin gudummawa ya dawo kanka daga nesa. Shi ma hakan ya gwada, ya ce sunana kawai yake so, aikin wasu za su yi. Wannan tayin ya fi kowanne haɗari a ganina. Mai hoto da direbobi da ƙawayen amarya ba su san da wata yarjejeniya ba, wanda aka kira babban aboki shi za su nema.

Amsar da ta fi ɓata zumunci ita ce wadda muka fi sabawa da ita: "ba damuwa, Allah ya kai mu", ko "bari mu gani". A kunnen ango wannan amincewa ce. Yadda za ka gane maganarka ba ta shiga ba shi ne in ka ga an tura maka samfurin shadda ana tambayar ra'ayinka, ko wani ya kira yana neman lambar asusun da zai tura gudummawa. Ranar da hakan ta faru ka sake kiran ango ka maimaita a sarari.

Sai abin da ka ɗauka a madadin, kuma dole ya zama mai iyaka, mai rana da adadi. "Duk abin da ake buƙata ina nan" ba tayi ba ne, babban aboki ne ta bayan gida. Ni abu uku na ɗauka: na biya gudummawata gaba ɗaya a makon farko, na yi anko kamar kowa, sannan na ce abokan da za su taso daga Bauchi ranar ɗaurin aure ni zan haɗa su in nema musu mota. Biyan da wuri ya yi aiki fiye da yadda adadin ya nuna, don shi ne kuɗin farko da wanda ya karɓi aikin ya samu a hannu. Na kuma kawo sunan mutum biyu da ke zaune a Gombe, amma ban tuntuɓe su ba. Zaɓin na ango ne, kuma ba wanda ke son jin cewa sai da wani ya ƙi aka zo gare shi. Saboda haka ne ma maganar ta tsaya tsakaninmu. A zauren, sunan wanda ya karɓi aikin kawai aka gani.

Akwai mutum guda da ya kamata ya ji daga bakinka in kun tashi gida ɗaya: mahaifiyar ango. Na shiga na gaida Hajiya, na ce aiki ba zai bar ni in zauna makon biki ba, amma ranar ɗaurin aure da ni za a yi. Ban kawo mata zancen kuɗi ba, don da ta ji za ta nemi ta taimaka.

A ɓangaren mata lissafin ya fi tsanani. Babbar ƙawa kan sari atamfa ko leshin anko da kuɗinta ta rarraba, duk wadda ta fasa karɓa kayan sun kwanta a hannunta, ga kwalliya da lalle na kowane zama, ga kwana a gidan biki wanda sai da izinin iyaye ko miji. Iyakarta ita ce ranar sarin anko: in za ta ƙi, ta ƙi kafin a je kasuwa.

Angon ya ɗan ja baya da ni na wasu makonni, gaisuwa ta taƙaita, ban kuma bi shi da ƙarin bayani ba. A watannin nan na kiyaye abu ɗaya: ban yi ankon wani biki ba, ban kuma saka hoton wata hidima a waya ba, don wanda ka ce wa ba ka da hali yana gani. Ranar Asabar ɗin ɗaurin aure motarmu ta bar Bauchi bayan asuba da mutum bakwai, muka isa Kumo kafin a shimfiɗa tabarmi.