Talata: si-bi 146 da kujera ɗaya

Ban samu na zauna ba sai bayan sha ɗaya, saboda tirela biyu sun kwana a bakin sito kuma 'yan dako sun ce ba za su taɓa katan ɗaya ba sai an daidaita kuɗin sauke kaya. Da aka gama wannan rigimar na hau sama na tarar Hajiya ta ofishin ma'aikata ta turo min abin da nake gudu tun makon jiya: takardun masu neman aikin mai kula da sito. Kujera ɗaya muka tallata, si-bi 146 suka shigo. Ta ce, "Manaja, mutum takwas nake so kafin la'asar, ranar Alhamis za a yi intabiyu." Na ce mata Allah ya ba mu iko.

Na yi lissafi a zuci. In na ba kowace takarda minti uku, sama da awa bakwai ke nan, ni kuwa awa huɗu da 'yan mintuna gare ni har da sallah da abinci. Don haka zagayen farko ba karatu ba ne, leƙe ne. Na taɓa ganin binciken da kamfanin Ladders na Amurka ya yi da na'urar bin motsin ido, inda a 2012 ya ce masu tace takardu daƙiƙa shida suke ba kowace si-bi a kallon farko, a 2018 kuma ya ce daƙiƙa 7.4. Lokacin na ɗauka zuƙi ta malle ce. Yau da na lura da kaina, ban fi haka ba sosai.

Tun kafin in buɗe takarda akwai abin da ido ya riga ya gani, wato sunan fayil ɗin. Wani `CV.pdf`, wani `Document1.docx`, wani kuma hoto ne ya ɗauka da waya, `IMG_2231.jpg`, har da inuwar hannunsa a gefe. Ba na jefar da mutum don wannan, amma aikin da nake nema masa mutum aikin lakabi ne da jera kaya inda za a same su. Wanda ya sa sunansa da sunan aikin a kan fayil ya fara da ƙafar dama, ko bai sani ba.

Da takarda ta buɗe, ba na tsayawa kan suna. Idona yana zarcewa ne neman aikin da mutum yake yi yanzu ko wanda ya bari na ƙarshe: mene ne muƙamin, a ina, daga yaushe zuwa yaushe. Abu uku ke nan, kuma tambaya ɗaya suke amsawa: shin wannan ya taɓa riƙe makullin sito, kuma kwanan nan? In na ga ya yi aikin sito a kamfanin kayan masarufi a Bompai ko Challawa daga 2021 zuwa yau, hannuna ya tsaya a kan linzami. In na ga malamin firamare ne ko mai tallan layin waya, sai ido ya yi tsalle ɗaya zuwa ƙasa ko akwai wani aikin da ya shafi kaya, in babu na wuce. Wurin aikin ma yana magana. Wanda ya kula da siton kantin unguwa ya san ƙidaya, amma bai san ranar da tirela uku za su shigo a jere direba na huci yana neman a sa masa hannu ba. Mu a nan Sharaɗa irin ranakun da muke gani ke nan.

Matsalar ita ce mafi yawan takardunmu ba sa barin ido ya kai ga wannan da wuri. Rabin shafin farko ya tafi a ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure ko rashinsa, wani har da tsayinsa. Daga nan sai wannan jimlar da masu shagon kwamfuta suke liƙa wa kowa, wai yana son yin aiki a wuri mai ƙalubale don ya ba da gudummawa ga cigaban kamfani. Na ƙirga ta har sau ashirin da wani abu, kalma a kan kalma, sannan na daina ƙirgawa. Sai jerin makarantu tun daga firamare. Kafin a zo ga aiki, daƙiƙoƙin da mutum yake da su a wurina sun ƙare a kan sunan ƙaramar hukumarsa, wadda ba ta sauke min katan ko ɗaya.

Kashi uku nake yi: e, a'a, da ƙila. Zuwa azahar ina da 11 a e, 29 a ƙila, sauran 106 a a'a.

Bayan sallah na koma kan 11 ɗin nan, yanzu da karatu na gaske, kuma nan na kama kaina. Akwai wanda na fi so a zagayen farko. Takardarsa shafi ɗaya tsaf, a sama ya rubuta manajan sito, ya jera duk abin da muka nema: Excel, Sage 50, ƙidayar kaya ta wata-wata, fitar da tsohon kaya kafin sabo. Sai na lura jerin nasa daidai yake da jerin tallanmu, har inda muka sa waƙafi. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, mai wayo yakan ɗauki kalmomin talla. Amma da na ɗora shekarun a kan juna sai suka ƙi zama. Ya ce manajan sito ne a Legas daga 2019 zuwa 2023 ba hutu, a ƙasa kuma ya ce ya yi bautar ƙasa a Jigawa daga 2021 zuwa 2022. Bautar ƙasa shekara guda ce cur, ana zuwa tantancewa duk wata. Ko dai bai riƙe siton ba a wannan shekarar, ko bai yi hidimar ba, ko kuma kuskuren rubutu ne. Sannan a ƙarƙashin muƙamin babu lamba ko ɗaya. Bai faɗi kaya iri nawa ba, bai faɗi mutum nawa ke ƙarƙashinsa ba, bai faɗi ma wane irin kaya ne a siton ba. Duk wanda ya kwana da tashi a sito shekara huɗu, lamba tana fita daga bakinsa ko ba a tambaye shi ba. Na mayar da shi ƙila, na rubuta a gefe cewa a tambaye shi 2021.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa na wata baiwar Allah ne da na jefa a a'a da safe. Ba ƙila ba, a'a. Dalilin da na sake ganinta shi ne wata ɗabi'a da na koya daga tsohon ogana: kafin ka rufe kashin a'a, ka zaro goma ba zaɓe ka karanta su a tsanake, don ka gane ko idonka na safe yana cin amanarka. Tata ce ta bakwai.

Shafinta na farko bayanan kai ne da makarantu, babbar difiloma a harkar kasuwanci, sai muƙamin da ke ƙasan shafin: mataimakiyar ofis. Shi idona ya gani da safe ya wuce, domin na ɗauka mai buga takardu ce. A shafi na biyu, layi na huɗu, ga abin da ta rubuta a taƙaice: tana riƙe da lissafin kaya iri 380 a siton wani dillalin kayan masarufi da ke kai kaya kasuwar Singa, tana haɗa takardar rakiyar kaya da abin da aka sauke kafin direba ya tafi, tana ƙidaya duk ƙarshen wata, kuma ita ta mayar da lissafin daga littafi zuwa Excel, inda take amfani da `VLOOKUP` wajen gano bambanci tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke ƙasa. Shekara uku tana wannan. Aikin da nake nema ke nan sak, sunan kawai ogan nata bai ba ta ba. A kamfanoninmu na 'yan kasuwa haka ake yi, muƙami ɗaya ne a takarda, aiki biyar ne a hannu.

Na ɗan ji kunya, ba zan ɓoye ba. Da ta ɗauko wannan layin na huɗu ta sa shi a saman shafin farko, ƙarƙashin suna da lambar waya, da ita ce ta farko a e tun ƙarfe sha ɗaya da rabi. Ba sai ta canja muƙaminta ta yi ƙarya ba. Ta rubuta mataimakiyar ofis mai kula da lissafin sito, shi ke nan. Amma ni ma da nawa laifin, domin na bar sunan muƙami ya yanke hukunci shi kaɗai. Saboda ita sai da na sake bin kashin a'a gaba ɗaya, wannan karon na sa kwamfuta ta nemo min `stock`, `inventory` da `waybill` a cikin waɗanda rubutu ne ba hoto ba. Mutum biyu suka ƙara fitowa. Masu hoton waya kuwa binciken ba ya ganin abin da ke cikinsu, sai wanda na buɗe da hannu, kuma ban buɗe duka ba.

Hajiya ta leƙo wajen uku da rabi ta ga ina ta komawa baya. Ta ce, "Manaja, ai ka ce ka gama." Na nuna mata takardar. Ta karanta ta ce ita abin da take fara dubawa daban ne: shaidar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, sai unguwar da mutum yake zaune. Da farko na so in yi musu, amma tana da gaskiya a kan unguwa. Sito ana buɗe shi bakwai da rabi, albashin kuma ba mai ɗaukar kuɗin mota biyu zuwa biyu dawowa ba ne. Mun taɓa ɗaukar wanda ke zuwa daga can bayan Dawanau, wata huɗu ya yi ya gaji. Masu turowa daga Kaduna ko Abuja kuma ba su ce za su dawo Kano ba, ba mu san me za mu yi da su ba, layi ɗaya da ya warware. Inda muka saɓa da ita shi ne giɓi. Ita in ta ga shekara biyu babu aiki sai ta ɗaga gira. Ni kuwa a ƙasar nan giɓi bai dame ni ba, wa bai zauna a gida ba? Abin da ke sa ni tsayawa shi ne wurin aiki huɗu a shekara biyu, domin sito amana ce, kuma sai mutum ya yi ƙidaya uku ko huɗu kafin ya san inda kaya ke zurarewa.

Digiri ko difiloma, gaskiya sai a zagaye na biyu na duba, kuma bai canja matsayin kowa ba. Hoton fasfo ma da wasu ke liƙawa a kusurwa, ido yana zuwa kansa ko ba ka so, ya cinye daƙiƙa ɗaya a banza. Da za a bi tawa da an daina sa shi.

Na miƙa sunaye takwas ana kiran la'asar. Mai kaya iri 380 tana ciki, mai Legas da Jigawa ma na sa shi a na takwas don in ji bakinsa. Hajiya ta fara kira tun ina ofishinta. Shida sun ɗauka, ɗaya ya ce zai kira, ɗaya kuma lambar da ya rubuta lamba goma ce maimakon sha ɗaya, sai imel aka tura masa. Kwanon abincina har yanzu yana cikin mota, ban buɗe ba.